Gida na Shida

Ni dai ilmin noma na karanta, ba lissafi ba. Na fara da faɗar haka don a san ta inda abin ya faro, ba don in wanke kaina ba. Shekarar da aka tura ni koyarwa wata sakandaren maza a Kibiya, ita ce shekarar da tsohon malamin lissafin makarantar ya yi ritaya ya koma gonarsa a Unguwar Gai. Shugaban makaranta ya duba takarduna, ya ga na taɓa cin lissafi da kyau, ya miƙo mini alli da littafi ya ce 'yan ajin ƙarshe suna jirana. Da na ce ban iya ba, da ba a kashe ni ba. Amma lokacin ina ɗan shekara ashirin da shida, ga sabon babur da nake hawa daga Rano kullum safiya, ga hula a karkace. Kalmar "ban iya ba" ba ta cikin bakina.

Lokacin ana tsakiyar zancen Shari'a, ga siyasa ta dawo da zafinta. A ofishin malamai ba mu da hira sai ta adalci: wane ya ci amana, wane ya danne gaskiya, wane ya kamata a fara da shi. Muryata ta fi ta kowa tashi. Ina tuna wannan yanzu sai in ji kunya ta kama ni har wuya.

A zango na biyu muka iso darasin da ake kira standad dibiyeshan. Sunan ne mai ban tsoro, abin kansa ba wuya. Idan manoma ashirin suka yi girbi, kana iya fitar da matsakaicin buhunan da suka samu. Amma matsakaici ba ya gaya maka ko duk sun yi kusa da juna, ko kuwa wasu sun cika rumbu wasu sun tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan lissafi shi ke auna yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaicin. Ana yin sa ne a jadawali, a ja layuka daga sama zuwa ƙasa, kowane mataki da gidansa, ta yadda in an yi kuskure za a iya bi gida-gida a kama shi.

Tsohon malamin ya bar takardar aikinsa a durowa, rubutun hannu, gidaje shida. Na farko lambar kanta, wato buhu nawa. Na biyu mutum nawa ne suka sami wannan adadin. Na uku, na farko sau na biyu, wanda in ka tara shi ka raba da yawan mutane sai matsakaici ya fito. Na huɗu tazarar kowace lamba daga matsakaici. Na biyar tazarar an ninka ta da kanta. Na shida kuma, na biyar sau na biyu, domin tazarar da mutum shida suka yi ba za a ƙirga ta sau ɗaya ba kamar ta mutum guda. Jimillar gida na shida ake rabawa da yawan mutane, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da ya fito. Shi ke nan.

Yanzu ina iya zayyana wannan ko daga barci aka tashe ni. A lokacin kuwa kallo ɗaya na yi wa takardar na ce na gane.

Na kai wa akawun makaranta ya buga a sitensil, irin takardar nan da ake bugawa da tafireta a ɗora a inji a murza ta fito da yawa. Sitensil biyu suka rage masa a zangon gaba ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ce:

"Malam, gida shida ba za su shiga faɗin takardar nan ba, sai dai in matse su har yara su rasa wurin rubutu. Ko dai ka rage ɗaya?"

Na leƙa. Gidaje biyun ƙarshe suka yi mini kama da juna, kamar an maimaita abu ɗaya. Na ce a raina, tsofaffin malamai da son tsawaita aiki. Na ce wa akawu ya cire na ƙarshen. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba.

Haka na koyar da yara sama da sittin. Su cika gida biyar, su tara na biyar, su raba da yawan mutane, su duba littafin tebur na lissafi su fitar da amsa. Aji ya yi mini yawa, ba na karɓar takardun aiki in duba. In rubuta amsata a allo, kowa ya gwada da tasa. Tunda hanya ɗaya muka bi, amsarmu ɗaya, kowa na murna, ni ma ina jin kaina.

Sai ɗalibi ɗaya. Daga Kahu yake zuwa a keke, dogo, marar yawan magana, ya ɗan girmi sauran don ya taɓa tsayawa shekara guda ya taya mahaifinsa noma. Yana da wata rular katako da bakinta ya cinye. Ina zagayawa na ga ya ja layi a gefen takardata, a ɗan farin wurin da ya rage, ya ƙara gida na shida da ƙananan lambobi. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce a littafin yayansa ya gani, wanda ya yi karatu a hannun tsohon malami.

"To, Injiniya," na ce, "ka gama gina gidajen ka sa haya."

Aji ya fashe da dariya. Sunan ya bi shi. Bayan kwana biyu ya ɗaga hannu ya ce amsarsa ba ta yi daidai da ta allo ba. Na ce masa ai ga dalili nan, ya cika wa kansa aiki har ya rikice. Ya sauke hannu a hankali, bai sake ɗagawa ba.

Akwai wani Alhaji mai motocin haya tsakanin Kibiya, Rano da Kano, wanda duk shekara yake biya wa ɗalibai biyar rajistar jarrabawar fita. Sharaɗinsa ɗaya: biyar ɗin da suka fi kowa jimillar maki a jarrabawar gwaji da makaranta ke yi. Ga 'ya'yan masu hali wannan ba wani abu ba ne. Ga ɗalibin nan na Kahu kuwa ita ce ƙofa guda, kuma kowa ya sani. Mahaifinsa ya riga ya faɗa a fili cewa ba shi da abin sayarwa a bana, in yaro bai shiga biyar ɗin nan ba, to karatu ya zo ƙarshe.

Ni na fitar da tambayoyin lissafi. Tambayar jadawalin tana da maki goma, kuma har gobe ina riƙe da lambobinta. Manoma ashirin, buhunan masara. Mutum biyu sun sami buhu huɗu, mutum shida buhu biyar, mutum biyar buhu shida, mutum huɗu buhu bakwai, mutum uku buhu takwas. Buhu ɗari da ashirin ke nan, matsakaici shida. Tazarar an ninka ta da kanta ta ba da huɗu, ɗaya, sifili, ɗaya, huɗu, jimilla goma. Na raba goma da ashirin, rabi. Na duba tebur, 0.71. Na rubuta ta a takardar amsoshina na ja mata layi biyu.

Da na zo kan takardar ɗalibin nan na Kahu, ga gidaje shida tsaf, an ja su da rular nan. A gida na shida ya rubuta takwas, shida, sifili, huɗu, sha biyu, jimilla talatin. Talatin a raba da ashirin, ɗaya da rabi. Amsa 1.22. Komai a shimfiɗe yake, ko makaho aka karanta wa zai iya bi. Ni ban bi ba. Idona ya sauka kan lambar ƙarshe, na ga ba tawa ba ce, na ba shi maki huɗu na fitar da matsakaici, na zabga jan biro a kan sauran. Har wani daɗi na ji, don na ga taurin kai ya jawo masa.

Aka tara makin duk darussa, ya zo na shida. Maki biyu ne tsakaninsa da na biyar.

Ran Litinin aka karanta sunayen a gaban 'yan makaranta, aka ce Litinin mai zuwa za a kai su Kano a yi rajista. Da aka mayar wa ɗalibai takardunsu, ya same ni a bakin ofis ina ƙoƙarin tayar da babur. Ya rusuna, ya riƙo takardar da hannu biyu.

"Malam, don Allah a wane gida na ɓata?"

Bai zo da rigima ba, bai roƙi ƙarin maki ba. So yake kawai a nuna masa. Na ce masa amsa ba daidai ba ce, ya je ya duba da kansa, ba ni da lokacin bin gidajen haya. Na taka babur na tafi.

Ran Alhamis muka je Unguwar Gai, mu malamai huɗu, barkar haihuwar jikan tsohon malamin. Muka same shi a ƙofar gida kan tabarma yana gyara ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa da fura, ya tambayi wanda ya gaje shi, aka nuna ni. Ya yi murna ƙwarai. Ya ce ina muka kai, na ce ai har mun wuce standad dibiyeshan. Don in burge shi na zaro ragowar takardar aikin daga jakata na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya bi gidajen da yatsa yana ƙirgawa a hankali. Yatsan ya kai bakin takarda ya tsaya.

Sai da muka tashi tafiya ya ce in zo ya nuna mini wata shuka a bayan gida. Muna kewayawa ya ce:

"Ɗana, ina gida na shida?"

Na ce ai maimaici ne, na rage don takarda ta isa. Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce in mutum shida kowannensu ya gaza matsakaici da buhu ɗaya, mutum nawa ne suka gaza? Na ce shida. Ya ce a lissafinka sau nawa ka ƙirga su? Ka raba da mutum ashirin, in ji shi, amma tazara biyar kacal ka tara. Sauran sha biyar ɗin ina ka kai su?

Nan take lambobin yaron suka dawo mini: takwas, shida, sifili, huɗu, sha biyu. Ban gaya wa tsohon zancen jarrabawar gwaji ba. Ya dafa kafaɗata ya ce kowa na kuskure, shi ya sa ake jan layukan, don a gane kafin abu ya yi nisa. Ya ce gobe in shiga aji in gyara. Na ce insha Allahu.

A hanyar Rano na yi lissafin da ya fi wancan sauƙi. In na gyara, yaron zai sami makinsa shida, sauran duk su rasa nasu, ya haye cikin biyar ɗin ba tantama. Wani zai sauka, bayan an riga an karanta sunansa a gaban jama'a, iyayensa sun je sun yi wa Alhaji godiya. Kuma dole in tsaya gaban shugaban makaranta, gaban malaman da nake yi wa wa'azin adalci, in ce duk ajin na koyar ba daidai ba, yaro guda mai keke ne ya fi ni sani. Kwana huɗu gare ni. Ran Juma'a na je har ƙofar ofishin shugaba, na ji yana da baƙi, na ce sai anjima. Da anjima ta yi na ce ai yau gajeriyar rana ce. Asabar da Lahadi na ce wa kaina abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa, kamar dai ba hannuna ne ya riƙe jan biron ba. Litinin da safe mota ta tashi da sunaye.

Abin da na yi daga baya ya fi wannan muni, a ganina. Bayan mako biyu na shiga aji na ce akwai wata "sabuwar hanya" da masu jarrabawa suka fi so, na zana gidaje shida a allo. Yara suka kwafa, ba wanda ya tambaya. Na tsare waɗanda za su zauna jarrabawa, na tsare mutuncina. Yaron kuwa ba ya ajin. Tun ranar da motar ta tashi bai sake zuwa ba, kujerarsa ma wani ya ja ta gaba.

Na yi shekaru ina koyar da lissafi bayan nan, har na koma na karance shi sosai. Aka san ni da tsanani a kan jadawali. Ɗalibin da ya kawo mini amsa ba gidaje, ko daidai ce sai ya sake. Ba na kuma duba amsar ƙarshe sai na bi kowane gida da bakin biro. Malamai suna yaba mini, wai na gaji tsohon. Ina karɓar yabon in yi shiru. Sau da yawa na yi niyyar zuwa Kahu, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba a babur. Kullum sai in sami dalili.

Na riga na fara furfura ranar da na je tashar Rano zan shiga Kano ganin likitan ido. Direban bas ɗin da ke kan layi ya zagayo ya karɓi jakata, ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, ba ka gane ni ba? Injiniya ne."

Da bakinsa ya faɗi sunan, yana dariya. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya sa aka tashi wani saurayi daga gidan gaba aka ba ni, ya rantse ba zan biya ko sisi ba. Muka kama hanya. Ya ba ni labari: ya yi noma shekara biyu, ya bi mota, ya koyi tuƙi, yanzu motar tasa ce. 'Ya'ya biyar. Ya gode wa Allah, kuma da gaske yake, ba irin godiyar da ake yi da ɗaci a baki ba. Na fara jin sanyi a raina, ina cewa ashe abin bai ɓaci ba.

Mun wuce Bunkure ya ce babbar 'yarsa tana aji biyar na sakandare, kuma kanta na ja. Ya ce kwanan baya ta kawo masa aikin gida, jadawalin nan dai, ta ce Baba ai an ce ka yi makaranta.

"Na ce mata ta kai wa wani, Malam. Na ce nan ne daidai inda ubanki ya faɗi, kada in koya miki shirme. Wallahi takardar nan na yi wata uku ina bin ta, gida-gida, ban ga inda na ɓata ba. Sai na gane abin nan ba a kaina yake ba. Mutum ya yi kuskure ya kasa ko ganinsa, ai ka ga ba shi da rabo a boko."

Wannan ban taɓa lissafa shi ba. Duk shekarun nan ina zaton ya san shi ke da gaskiya, yana can yana jin haushina, kuma na yarda na cancanci haushin. Ashe ya ɗauki jan birona ya fi idonsa gaskiya.

Akwai fasinja a gefena, akwai na baya suna ji. Na ga in na jira a keɓe, wata Juma'ar ce za ta sake wucewa. Na ce:

"Ba ka ɓata ba. Ko a gida ɗaya ba ka ɓata ba. Ni ne na cire gida na shida, na koyar da ku ba daidai ba. Kai kaɗai ka ci tambayar nan a ajin."

Bai juyo ba. Ya rage gudu ya kauce wa wata akuya, ya sake ɗaukar hanya.

"Yaushe ka gane, Malam?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, in ce bayan shekaru. Na ce masa kwana huɗu kafin a kai sunaye.

Haka muka shiga Kano. Na jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe, kowanne ya zo zan karɓa. Bai ba ni ko ɗaya ba. A tasha ya fito ya zagayo, ya sauko mini da jakata kamar yadda ya ɗauka. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, idonsa a ƙasa.

"Wato ɗaya da ɗigo biyu biyu ɗin daidai ce?"

Na ce daidai ce.

"Na biyar sau na biyu, a tara, a raba da yawan mutane."

Na ce haka ne.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ashe zan iya nuna mata." Yaran tasha suka kira shi a kan lodi, ya juya ya tafi. Na tsaya riƙe da jaka ina jira ko zai waiwayo, har motoci suka shiga tsakaninmu.